Hadda ko karatu: Yadda mai jawabi zai zaɓi hanya, ya kuma sanya kalmomin tuni

A ranar 22 ga Afrilu, 1904, wani matashin ɗan majalisa mai shekara 29 ya miƙe a zauren majalisar wakilan Birtaniya domin yin magana kan ƙudurin dokar da ta shafi haƙƙin ƙungiyoyin ƙwadago. Sunansa Winston Churchill. Kamar yadda ya saba, ya rubuta jawabinsa tun a gida, ya haddace shi kalma bayan kalma. Ya shafe kusan minti 45 yana magana ba tuntuɓe, har ya kusa rufewa, sai jimla ta tsinke masa a tsakiya. Ya maimaita farkonta, sauran bai zo ba. Ya laluba aljihunsa, bai sami abin da zai cece shi ba. Daga ƙarshe ya gode wa majalisa bisa sauraron da ta yi masa, ya zauna, ya rufe fuska da hannuwa.

Abin ya tayar da hankalin waɗanda suka san mahaifinsa, Lord Randolph Churchill, wanda maganarsa ta riƙa rikicewa a wannan zaure saboda rashin lafiya kafin rasuwarsa a 1895. Amma ɗan lafiyarsa ƙalau. Hanyar da ya bi ce ta ci amanarsa. Tun daga wannan rana ya daina dogara ga hadda zalla a manyan jawabansa, ya koma shiga zaure da cikakken rubutu a hannu.

Wannan labari ya ƙunshi tambayar da ke gaban duk wanda aka ba lasifika, daga shugaban makaranta a ranar yaye ɗalibai zuwa kwamishina mai kare kasafin kuɗi: shin ya haddace jawabin ne, ko ya karanta? Amsar da ta fi amfani ita ce ba a yanke wannan hukunci a kan jawabi gaba ɗaya. Sashe-sashe ake yanke shi, sannan a sanya wa kowane sashe irin alamar da ta dace da shi.

Yadda kowace hanya ke lalacewa

Haddar kalma bayan kalma sarƙa ce. Ƙarshen kowace jimla shi ke janyo farkon ta gaba, don haka muddin sarƙar ba ta tsinke ba, magana na zuba kamar ruwa. Amma tafi, ko ihu daga bayan zaure, ko ɗaukewar wuta, ko shigowar babban baƙo a makare, kowanne na iya tsinka ta. Wanda ya haddace sauti ba tare da ya riƙe tsarin magana ba, ba ya iya shiga daga tsakiya, sai dai ya koma baya ya sake ɗauko zaren. Ana gane irin wannan tun kafin ya maƙale: idonsa na kallon sama ko bango, muryarsa na tafiya da kari ɗaya kamar mai tilawa, kuma idan an yi tafi ba ya jira a gama, domin yana tsoron abin ya kuɓuce masa.

Karatu kuma nasa aibin daban ne. Kai na sunkuye, murya na faɗa wa takarda maimakon jama'a, gudu na ƙaruwa, kuma numfashi na ƙarewa a inda ma'ana ba ta ƙare ba. Dalili shi ne an gina jimlar rubutu domin ido, wanda ke iya komawa baya idan ya ruɗe, alhali kunne sau ɗaya yake jin magana. Akwai kuma wuraren da ƙa'ida ma ba ta yarda da karatu ba. Al'adar majalisar Birtaniya ita ce ɗan majalisa ba ya karanta jawabi a muhawara, ko da yake yana iya duba abin da ya rubuta domin tuni, kuma majalisu da dama da suka yi koyi da ita sun gaji wannan al'ada.

Tsawon jawabi kaɗai ba ya yanke hukunci. A bikin keɓe maƙabartar sojoji a Gettysburg da ke Amurka, ranar 19 ga Nuwamba, 1863, Edward Everett ya yi magana ta kusan awa biyu da ka, jawabi mai kalmomi fiye da 13,000. Shugaba Abraham Lincoln, wanda jawabinsa bai wuce kalmomi kusan 270 da minti biyu ba, da takardarsa a hannu ya miƙe. Everett ya shafe rayuwarsa yana wannan sana'a, ya kuma sami makonni yana shiri. Lincoln kuwa shugaban ƙasa ne a tsakiyar yaƙin basasa, wanda jaridu za su auna kowace kalma da ta fito daga bakinsa.

Tambayoyi uku kafin a zaɓa

Tambaya ta farko da mai jawabi zai yi wa kowane sashe ita ce: idan kalma ɗaya ta sauya a nan, wace ɓarna za ta auku? Idan amsar ita ce za a tauye wa wani sarauta, ko a faɗi adadin kuɗi ba daidai ba, ko a ɗora wa hukuma alkawarin da ba ta yi ba, to wannan sashe na karatu ne. Sunaye, muƙamai, alƙaluma, ranaku, sanarwar hukunci da duk maganar da aka ciro daga bakin wani suna cikin wannan aji. Karanta su ba abin kunya ba ne. Jama'a ma sun fi amincewa da adadin da suka ga an duba a takarda.

Tambaya ta biyu ita ce: idan ido ya bar fuskokin mutane a nan, me za a rasa? Ban haƙuri, roƙo, godiya ta musamman, jimlolin buɗewa da na rufewa, duk suna mutuwa idan an faɗe su kai a sunkuye. Wanda ya nemi gafarar jama'a yana kallon takarda ya bar su da zaton cewa wani ne ya rubuta masa. Waɗannan sassa su ne na hadda, kuma da yake gajeru ne, jimla uku zuwa biyar, haddarsu ba ta da haɗari.

Tambaya ta uku ta shafi lokaci da wuri. Wanda aka sanar da shi daren jiya kada ya fara haddar shafi uku, domin hadda rabi da rabi ta fi kowace hanya muni: ba ta isa ta riƙe shi ba, amma ta isa ta sa shi farautar kalmar da ya manta maimakon faɗin ma'anarta. Idan akwai tafinta da aka ba kwafin jawabin, kauce wa rubutu zai jefa shi cikin wahala. Idan babu teburin ɗora takarda, kuma hannu ɗaya na riƙe da makirufo, manyan shafuka za su zama kaya, musamman a fili mai iska.

Duk sashen da bai faɗa aji na farko ko na biyu ba, wato labari, bayani da kawo dalilai, ba a haddace shi kuma ba a karanta shi. Mai jawabi ya san abin da ke ciki, kalmomin tuni kawai yake buƙata su riƙe masa jeri.

Misali daga taron shekara

A ɗauka shugabar wata ƙungiyar gama-kai ta mata masu sarrafa shinkafa za ta yi jawabin minti shida a taron shekara. Mai magana a natse a gaban taro yakan furta kalmomi 120 zuwa 140 a minti ɗaya, don haka rubutunta zai kai kalmomi 750 ko kusa da haka. Wannan ƙiyasi ne kawai. Abin dogaro shi ne ta karanta a bayyane, agogo na gabanta.

Jawabin na da sassa biyar: gaisuwa, ta'aziyyar mambobi uku da suka rasu, rahoton kuɗi, bayanin dalilin da ya sa za a ɗaga gudummawar wata daga naira 2,000 zuwa 2,500, sai roƙon amincewa da rufewa.

Gaisuwar ta rabu biyu. Jerin manyan baƙi da muƙamansu za ta karanta, domin tsallake mutum ɗaya ko sauya masa matsayi na iya ɓata taron tun bai fara ba, kuma jerin kan sauya a minti na ƙarshe idan wani ya turo wakili. Saboda haka tana barin fili a gefen kowane suna domin gyara da biro. Amma jimloli biyu da ke biye, inda take yi wa mambobi maraba, da ka za ta faɗe su.

A ta'aziyya, sunayen mamatan uku a rubuce suke ko da ta san su kamar tafin hannunta, domin alhini kan toshe ƙwaƙwalwa, kuma manta sunan mamaciya a gaban danginta ba ya gyaruwa. Addu'ar da ke biye ba ta buƙatar takarda.

Rahoton kuɗi karatu ne daga farko har ƙarshe: an tara naira 4,350,000, an ba da rancen 3,200,000, ba a dawo da 480,000 ba. Sashe na huɗu, dalilin ƙarin kuɗi, shi ne zuciyar jawabin, nan ne za a yi gunaguni, kuma nan ne take buƙatar ta ga fuskoki ta san ko an fahimta. Wannan na kalmomin tuni ne. Roƙon ƙarshe kuwa jimla huɗu ne da ta haddace sarai.

Idan aka lissafa, abin da za ta haddace bai kai kalmomi 100 ba daga cikin 750. Kusan kashi ɗaya cikin uku za ta karanta. Sauran magana ce da ta sani, tana bin jeri.

Alamar sashen hadda: bakin jimla

Kowace hanya da irin kalmar tuninta, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne kuskuren da aka fi yi. A sashen da aka haddace, abin da ake rubutawa shi ne kalmomi biyu ko uku na farkon kowace jimla, daidai yadda za a furta su. Taƙaita ma'anar jimlar ba ya taimakon mai hadda, domin sauti ne ke janyo masa sauti. Mahaddata Alƙur'ani sun san haka: idan mai tilawa ya tsaya, ba a yi masa bayanin ayar, bakinta ake buɗe masa, sai sauran ya biyo. Haka ma marubutan da ke kwafe littattafai a warwatsen takardu marasa ɗinki sukan rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ya gabace shi, domin kada jeri ya ɓace.

Don haka rufewar shugabar za ta kasance a takarda kamar haka, kowanne a layinsa: "Na san nauyin", "Amma idan muka", "Ina roƙon kowace", "Allah Ya bar". Kallo ɗaya ya isa ya mayar da ita kan hanya daga ko'ina ta tsaya. Abin da Churchill ya rasa ke nan a 1904: ƙofar sake shiga.

Alamar sashen bayani: abu mai kama

A sashen da za a yi magana kai tsaye, kalmar tuni ba bakin jimla ba ce, sunan wani abu ne da ido ke iya gani. Idan shugabar ta rubuta "matsaloli", "ƙalubale" ko "ci gaba", ba ta rubuta komai ba, domin waɗannan kalmomi sun dace da kowane sashe, kuma a lokacin ruɗewa ba za su nuna mata hanya ba. Idan kuwa ta rubuta "injin casa", nan take za ta tuna makonnin da injin ya yi a tsaye, da kuɗin gyara, da cinikin da ya wuce su. Sashenta na huɗu zai iya tsayawa a kan kalmomi huɗu: "injin casa", "dizal", "rancen da ya maƙale", "500 a wata".

Ma'aunin kalma mai kyau shi ne ta buɗe batu ɗaya tak. Idan an dube ta aka yi jinkirin tunanin me ake nufi, a sauya ta. Yawa ma illa ne: kalma ɗaya ga maganar rabin minti zuwa minti ɗaya ta wadatar. Wanda ya ja layi ƙarƙashin kalmomi goma a sakin layi guda ya mayar da takardarsa daji, idonsa ba zai san inda zai sauka ba.

Wurin da ya fi buƙatar tuni shi ne mahaɗa, wato inda batu ke ƙarewa wani ya fara. A cikin labarin inji, ma'ana na jan ma'ana, da wuya a ɓace. Amma babu abin da ke cikin labarin inji da zai tilasta a tuna cewa rance ne ke biye. Shi ya sa ake rubuta jimlar tsallakawa cikakkiya, gajera, a kewaye ta da biro: "Wannan na inji ke nan. Saura abin da ke hannunmu mu kanmu."

Alamar sashen karatu: numfashi da komawa

Sashen da za a karanta ma yana buƙatar alamu, sai dai aikinsu shi ne su 'yantar da ido daga takarda. Hanyar da Churchill ya zauna a kai daga baya ita ce a buga masa jawabi a gajerun layuka, kowane layi gaɓar magana guda, ana ɗan shigar da na ƙasa ciki kamar matakala, har ma'aikatansa suna kwatanta tsarin da na Zabura. Kwafin jawabinsa na 18 ga Yuni, 1940, wanda ke ajiye a cibiyar adana takardunsa da ke Cambridge, a wannan tsari aka buga sassansa na ƙarshe. Amfaninsa shi ne ido na ɗaukar layi ɗaya a kallo guda, kai ya ɗago, baki ya faɗa wa jama'a, sannan ido ya koma farkon layi na gaba ba tare da nema ba.

Shugabar za ta yi haka da rahoton kuɗinta. Za ta buga shi da manyan haruffa, da tazara tsakanin layuka, a fuska ɗaya ta takarda, ba tare da jimla ta tsallaka daga shafi zuwa shafi ba. Karkataccen layi ɗaya (/) na nufin ɗan tsayawa, biyu (//) na nufin cikakken numfashi da ɗaga kai. Kalmar da ke bayan layi biyun ita ake yi wa kauri ko launi, domin ita ce masaukin ido idan ya dawo. Babban yatsa na bin gefen takarda yana riƙe wurin.

Alƙaluma kuma da kalmomi ake rubuta su yadda baki zai furta. Ido na iya ɗaukar 4,350,000 a matsayin dubu ɗari huɗu da talatin da biyar idan hankali ya rabu. "Miliyan huɗu / da dubu ɗari uku da hamsin" ba ya ruɗa kowa.

Akwai kuma tarkon da ya keɓanta da rubutun boko, wanda ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na iya zama birni ko na tuwo, "fari" na iya zama launi ko rashin ruwan sama. Mafi haɗari ga shugabar shi ne jimla irin "kowa ya biya", wadda da wani kari labari ne cewa an riga an biya, da wani karin kuma umarni ne. Mai karatu cikin sauri na iya furta wanda ba shi ake nufi ba, a gaban masu bashi. Maganin ba alama ba ce kawai, sake ginin jimlar ne: "kowa ya riga ya biya", ko "wajibi ne kowa ya biya". Haka Lionel Logue, mai horar da Sarki George na Shida kan in'ina, ya yi da jawabin rediyo na 3 ga Satumba, 1939: ya sanya alamun tsayawa a kwafin, ya kuma musanya kalmomin da ke yi wa harshen sarkin nauyi da masu sauƙi. Kalmar da ta kayar da mutum sau biyu a gwaji, za ta kayar da shi a taro.

Yadda ake gane an shirya

Maimaita jawabi daga farko zuwa ƙarshe gwaji ne mai yaudara, domin yana ƙarfafa sarƙar ne kawai, kuma yakan sa farko ya nuna sosai, ƙarshe ya zauna ɗanye. Gwajin gaskiya shi ne wani ya riƙe kwafin takardar, ya kira kalmar tuni daga ko'ina ya ga dama, mai jawabi ya ɗauka daga nan. Sannan ya katse shi a tsakiyar magana da tambaya ko tafi, a ga ko zai iya komawa cikin daƙiƙa biyu ko uku. Duk inda aka daɗe ana nema, ko dai kalmar ba ta da kama, ko kuma an binne ta cikin rubutu.

Wajibi ne a yi wannan gwaji a tsaye, da murya a bayyane, kuma da ainihin takardar da za a shiga da ita. Ido na haddace wurin da kalma take a shafi, sama ko ƙasa, dama ko hagu, don haka sake buga jawabi da sabon tsari a safiyar taro na rushe rabin shirin. Idan kati ake amfani da shi, a sa wa kowanne lamba, a huda kusurwa a ɗaure da zare, domin katin da ya zube a ƙasa ba shi da jeri. Wayar hannu kuwa allonta kan mutu, saƙo ko kira kan shigo a kai, kuma rana kan dushe rubutun, saboda haka ba ta maye gurbin takarda a taron fili.

Idan duk da haka magana ta tsinke, mai jawabi ya yi shiru, ya duba takarda, ya tafi kalmar tuni ta gaba, ya bar jimlar da ta ɓace. Shirun daƙiƙa uku a kunnen jama'a tsayawa ce ta mai tunani, kuma babu wanda ke riƙe da kwafin abin da aka tsallake. Abin da ba a tsallakewa shi ne suna, adadi da hukunci, kuma waɗannan tun farko a rubuce suke, baƙi a kan fari.